Buhun Taki Mai Tsada da Mai Araha: Wanne Ya Fi Riba Idan An Duba Abin da Ke Ciki?

Duk shekara idan damina ta kusa, manomi yakan tsaya gaban mai sayar da taki a kasuwa ya tarar da buhuna iri-iri masu nauyi ɗaya, kilo 50 kowanne, amma farashinsu ya bambanta da naira dubu biyar, dubu goma, wani lokacin har dubu ashirin. Wasu suna ɗaukar mafi tsada saboda sun yarda cewa araha ba ta ado, wasu kuma suna ɗaukar mafi araha domin kuɗinsu ya kai ga buhuna masu yawa. Dukansu biyu suna iya yin asara, domin shuka ba ta cin buhu kuma ba ta cin farashi, abin da take ci shi ne 'yan kilo na sinadarin da ke cikin buhun. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce: kilo nawa na abincin shuka ke cikin wannan buhu, wane iri ne, kuma nawa kowane kilo ya tsaya wa mai saye?

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko shi ne alƙaluman da aka rubuta a jikin buhu. Alƙaluma uku da ake gani, kamar 15-15-15 ko 20-10-10, kaso ne cikin ɗari na nauyin takin. Na farko na naitorojin ne, wanda ke sa ganye ya yi kore kuma kara ya yi girma. Na biyu na fosfaras ne, wanda saiwa ke buƙata tun shuka tana ƙarama, kuma yake taimakawa wajen fure da ƙwaya. Na uku na fotash ne, mai ƙarfafa kara da taimaka wa shuka jure fari da cuta. Tunda buhu kilo 50 ne, lissafin yana da sauƙi: a raba kowane alƙalami biyu, abin da ya fito shi ne kilo na wannan sinadari a cikin buhun. Buhun 15-15-15 yana ɗauke da kilo 7.5 na kowane ɗaya daga cikin ukun, buhun 20-10-10 kuma yana da kilo 10 na naitorojin, kilo 5 na fosfaras da kilo 5 na fotash.

Ma'auni na biyu shi ne farashin kilo ɗaya na sinadari, wato kuɗin buhu a raba da kilon sinadarin da ke cikinsa. Na uku shi ne daɗewa, kuma yana da fuska biyu: yadda takin ke jure ajiya a ɗaki, da yadda yake zama a ƙasa bayan an zuba shi. Na huɗu shi ne sauƙin aiki, daga dako har zubawa. Na biyar shi ne haɗari, wato yiwuwar a yi wa takin algus, ko ya ƙona shuka, ko kuma a saya wa gona abin da ba ta buƙata.

Farashin taki yana sauyawa daga wata zuwa wata kuma daga gari zuwa gari, don haka duk kuɗin da za a ambata a nan na misali ne domin a nuna yadda ake lissafin. Kason sinadaran kuwa tabbatacce ne, ba ya sauyawa da kasuwa. Mai karatu ya cire farashin misalin ya sa wanda aka faɗa masa a garinsu.

| Taki | Alƙaluman buhu | Sinadari a kilo 50 | Farashin misali | Kilo ɗaya na sinadari | Ajiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yuriya | 46-0-0 | kilo 23 | N35,000 | N1,522 | tana jan danshi | tashi a iska, ƙona shuka |
| Amoniyam salfet | 21-0-0 | kilo 10.5 | N25,000 | N2,381 | yana jurewa | tsamar da ƙasa |
| Kamfa | 15-15-15 | kilo 22.5 | N50,000 | N2,222 | matsakaici | algus |
| Kamfa | 20-10-10 | kilo 20 | N44,000 | N2,200 | matsakaici | algus, rarrabuwar ƙwaya |
| DAP | 18-46-0 | kilo 32 | N65,000 | N2,031 | yana jurewa | ƙona iri idan ya taɓa shi |
| Supa | 0-18-0 | kilo 9 | N28,000 | N3,111 | yana jurewa | gari da nauyin dako |

Yuriya da amoniyam salfet

Nan ne lissafin ya fi fitowa fili, domin duka biyun naitorojin ake saya dominsa. Buhun salfet ya fi na yuriya araha da N10,000 a misalinmu, amma sai an sayi buhu biyu da ɗan ƙari kafin a sami naitorojin ɗin da ke cikin buhun yuriya ɗaya. Wanda ke neman kilo 23 zai biya N35,000 a yuriya, ko kuma kusan N55,000 a salfet, ga kuma dakon buhuna biyu maimakon ɗaya. Idan naitorojin kaɗai ake nema, salfet ba ya zama mai araha sai farashinsa ya faɗi ƙasa da rabin na yuriya. Abin da ke iya sauya hukuncin shi ne farar wuta, wadda salfet ke ɗauke da ita kimanin kashi 24 cikin ɗari, kuma akwai gonakin da aka daɗe ana nomawa da yuriya da kamfa kaɗai waɗanda suka fara nuna ƙarancinta. Alamar ita ce sababbin ganyen sama su yi fatsi-fatsi, saɓanin ƙarancin naitorojin da ke fara bayyana a tsofaffin ganyen ƙasa. A irin wannan gona, buhu ɗaya na salfet a cikin haɗin yana da dalili. A wadda ba ta da wannan matsala, kuɗi ne aka ƙara ba tare da buƙata ba, kuma yawan amfani da shi yana tsamar da ƙasa fiye da yadda yuriya ke yi.

Ƙarfin yuriya shi ne kuma rauninta. Idan aka watsa ta a saman ƙasa mai ɗan danshi, rana ta buɗe, ruwa bai sauko ba na kwana biyu ko uku, wani kaso na naitorojin ɗin yakan koma iskar amoniya ya tashi, har wanda ya sunkuya kusa yana iya jin warinsa. Manomin da ya yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu ta wannan hanya ya mayar da kilon da ya saya N1,522 ya koma sama da N2,000, ba tare da mai shago ya ƙara masa ko kwabo ba. Maganin abin shi ne a tona ɗan rami nesa da gindin shuka da kamar faɗin yatsu uku ko huɗu, a zuba, a rufe da ƙasa. Wannan yana ƙara kuɗin 'yan ƙwadago, kuma ya kamata a sa shi cikin lissafi, amma da wuya ya kai asarar da ake yi idan an bar ta a fili. A ɗaki ma yuriya ba ta son danshi: buhun da aka jingina da bango ko aka ajiye a kan siminti a watan Agusta yakan jiƙe ya dunƙule.

Kamfa biyu a gonar masara

Yawancin masu ruɗewa a nan suke ruɗewa, don haka ya dace a tsaya a kansa sosai. Wanda ya dubi teburin da ke sama zai ga kilon sinadari a 15-15-15 da 20-10-10 kusan farashi ɗaya ne, har ma 20-10-10 ya ɗan fi sauƙi, sai ya yanke hukunci cewa mai arahar ya yi nasara. Wannan hukunci yana da gyara, domin sinadaran uku ba daraja ɗaya suke da ita a kasuwa ba. Naitorojin ne mafi araha a Nijeriya, saboda ana yin yuriya a cikin ƙasar daga iskar gas, a masana'antar Indorama da ke Eleme da kuma ta Dangote da ke Lekki wadda aka buɗe a 2022. Fosfaras da fotash kuwa galibi daga waje ake shigo da su, da kuɗin waje, shi ya sa idan naira ta faɗi ko aka sami rikici irin yaƙin Rasha da Yukiren na 2022, farashin kamfa yakan tashi. Rabin abin da ke cikin 20-10-10 naitorojin ne, wato sinadarin da za a iya samu da sauƙi a buhun yuriya, alhali kashi biyu cikin uku na 15-15-15 sinadaran nan ne masu tsada.

A ɗauki hekta ɗaya ta masara a ƙasa irin ta Zariya, Funtuwa ko Saminaka, inda shawarar da masana suka daɗe suna bayarwa ga mai neman cikakken amfani ita ce kilo 120 na naitorojin, 60 na fosfaras da 60 na fotash. Hanya ta farko ita ce a zuba buhu 8 na 15-15-15 lokacin shuka ko cikin mako biyu na farko, wanda zai ba da kilo 60 na kowane sinadari. Saura kilo 60 na naitorojin, wanda kilo 130 na yuriya zai cike idan masara ta kai mako huɗu zuwa shida, wato buhu biyu da ɗan fiye da rabi. Kuɗin kamfar N400,000 ne, na yuriya N91,000, jimla N491,000. Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da 20-10-10 kaɗai, kuma domin a kai ga wannan adadi sai an zuba buhu 12, wanda a N44,000 ya kama N528,000. Ashe buhun da ya fi araha da N6,000 ya sa hekta ta fi tsada da N37,000, fiye da kuɗin buhun yuriya guda, ban da dakon ƙarin buhu ɗaya da 'yan kai.

Wannan ba ya nufin 20-10-10 mugun zaɓi ne. Yana nufin yana da farashin da ya dace da shi, kuma ana iya gano farashin a tsaye a gaban shago. Buhu ɗaya na 20-10-10 daidai yake da kashi biyu cikin uku na buhun 15-15-15, a haɗa da ɗan fiye da kashi ɗaya cikin biyar na buhun yuriya. A misalinmu, kashi biyu cikin uku na N50,000 ya kama kimanin N33,300, kason yuriya kuma kimanin N7,600, jimla kusan N41,000. Idan an sami 20-10-10 ƙasa da haka, shi ne mai riba: a N38,000, alal misali, buhu 12 zai tsaya N456,000, ya fi ɗaya hanyar sauƙi da N35,000. Idan ya haura N41,000, arahar tasa ta ido ce kawai.

Abin da ya fi faruwa a zahiri ma ba wannan ba ne. Manomin da ya saba zuba buhu 8 na 15-15-15 yakan sauya su da buhu 8 na 20-10-10, ya ga ya rage N48,000, ya kuma zuba yuriyarsa kamar yadda ya saba. Gonar za ta yi kore shar, har ma fiye da bara, domin naitorojin na farko ya tashi daga kilo 60 zuwa 80. Sai dai fosfaras da fotash sun sauka daga 60 zuwa 40 kowanne, kuma koren ganye ba ya nuna wannan. A ƙasar da aka daɗe ana ba ta fosfaras, ko wadda ke samun takin gargajiya, mai yiwuwa ba za a ga bambanci ba a shekarar farko. A ƙasar da ta gaji kuwa, ana iya ganin ƙananan shuke-shuke sun tsumbure, gefen ganyensu ya yi ja-ja mai duhu, daga baya kuma goyon ya fito bai cika ba. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin manoma, domin ba a gane shi sai ranar da aka ƙirga buhunan masara.

Akwai kuma batun lokaci. Fosfaras ba ya yawo a ƙasa, inda aka zuba shi nan yake zama, kuma shuka ta fi buƙatarsa tana ƙarama. Naitorojin kuwa ruwa yana tafiya da shi, shi ya sa ake raba shi biyu. Wanda ya dogara da 20-10-10 kaɗai yana tsakanin abu biyu: ko ya zuba buhu 12 gaba ɗaya da wuri ruwa ya wanke masa naitorojin, ko ya raba biyu rabin fosfaras ɗin ya iso a makare. Ba a ce na makaren ya ɓata gaba ɗaya ba, domin wani kaso yakan tsaya a ƙasa ya amfani shukar baɗi, amma mai hayar gona na shekara ɗaya ya san wa zai ci wannan moriyar.

Ƙwaya ɗaya ko gauraye: inda tsada ke da hujja

Buhuna biyu suna iya ɗauke da alƙaluma iri ɗaya amma ɗaya ya fi tsada, kuma ba koyaushe ne suna kaɗai ake saya ba. Akwai kamfar da aka sarrafa ta yadda kowace ƙwaya tana ɗauke da sinadaran uku, wadda idan aka ɗebo a tafin hannu za a ga ƙwayoyin launi ɗaya, girma kusan ɗaya. Akwai kuma wadda aka gauraya busassun ƙwayoyi daban-daban a injin haɗawa: farar yuriya, takin fosfaras na DAP mai ruwan ƙasa ko ruwan toka, fotash wanda sau da yawa ja-ja ne, da ƙwayar farar ƙasa ta cike nauyi. Irin wannan haɗin ne shirin taki na Gwamnatin Tarayya ya yaɗa bayan yarjejeniyar da aka yi da Maroko a ƙarshen 2016, lokacin da aka sayar da buhun 20-10-10 a kan N5,500 a 2017.

Ya kamata a fahimci cewa cikon da ke cikin gaurayen ba ha'inci ba ne. Domin a haɗa kilo 50 na 20-10-10 ana buƙatar kimanin kilo 17.5 na yuriya, kilo 11 na DAP da kilo 8 da ɗan ƙari na fotash, sauran kilo 13 kuwa ciko ne da ke kai buhun ga nauyinsa. Muddin alƙaluman sun cika, shuka ba ta bambanta naitorojin da ya zo ta wannan hanya da wanda ya zo ta waccan. Matsalar gauraye ita ce rarrabuwa. Idan girman ƙwayoyin bai yi daidai ba, jijjigar mota a kan hanya mai gargada takan sa ƙanana su gangara ƙasan buhu, manya su tsaya a sama, sai wani sashe na gona ya sami naitorojin da yawa, wani ya sami fotash da ciko. Ga mai zuba cikin cokali a gindin kowace shuka, abin yana da tasiri ƙwarai, domin a ɗan awo kaɗan bambancin ya fi fitowa. Ana rage matsalar ta hanyar zazzage buhun a kan leda a juya shi sosai kafin a raba wa masu zubawa. Wanda zai yi wannan ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi mai yawa domin mai ƙwaya ɗaya. Wanda zai bar aikin a hannun 'yan ƙwadago ba ya nan, ko yake noman kayan lambu masu daraja inda kowane gindi kuɗi ne, ƙarin 'yan dubbai a buhu yana iya zama kuɗin da ya biya kansa.

DAP da supa: mafi tsada da mafi rauni

DAP ne mafi tsada a teburin, kuma idan fosfaras ake nema shi ne mafi araha, domin buhu ɗaya yana da kilo 23 na fosfaras, kusan daidai da abin da ke cikin buhu uku na 15-15-15. Manoman gero a Nijar sun ga wannan a aikace ta hanyar zuba taki ɗan kaɗan a ramin shuka, dabarar da cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki a kanta sosai. Ana zuba giram 6 na 15-15-15, wato kamar cikin marfin kwalbar lemo, ko kuma giram 2 na DAP, abin da yatsu uku ke iya tsinta. Awon biyu suna ba da fosfaras kusan daidai, kimanin giram 0.9 a kowane rami. A hekta mai rami 10,000, wannan ya kama kilo 60 na kamfa ko kilo 20 na DAP, wato N60,000 da N26,000 a farashin misalinmu. A ƙasar jigawa inda fosfaras ne babban abin da ya yi ƙaranci, buhun da ya fi kowanne tsada shi ne ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, kuma mutum biyu suna iya haɗa kuɗi su raba buhu ɗaya. Iyakarsa ita ce ba shi da fotash, naitorojin ɗinsa kaɗan ne, kuma idan ya haɗu da iri kai tsaye a ƙasa mai ƙarancin danshi yana iya hana tsiro. Ba a kuma samunsa a kowace kasuwa, musamman a ɓangaren Nijeriya.

Supa yana ɗaya ƙarshen. Fosfaras ɗinsa kashi 16 zuwa 18 ne kawai, kuma a lissafin kilo shi ne mafi tsada. Duk da haka manomin gyaɗa da ya saye shi bai yi kuskure ba, domin abin da ya rage a buhun ba ciko ba ne zalla: akwai farar wuta da kalsiyam, waɗanda gyaɗa ke buƙata domin kwanso ya cika. Gyaɗa, wake da waken soya suna samar wa kansu mafi yawan naitorojin ta ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu, don haka wanda ya zuba musu 20-10-10 ya kashe kuɗi a kan buhun da rabin sinadarinsa abin da ba su roƙa ba ne, kuma yana iya samun ganye mai yawa da ƙwaya kaɗan. Wannan ya nuna cewa ƙarfin taki shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da abin da shukar ke nema.

Takin ruwa na kwalba

Yawancin waɗannan kwalabe ana tallata su da cewa lita ɗaya tana maye gurbin buhu, kuma lissafi ba ya goyon bayan wannan magana. Kwalbar lita ɗaya da aka rubuta tana da naitorojin kashi 10 cikin ɗari tana ɗauke da giram 100 ko ɗan fiye da haka. Idan an saye ta N6,000, kilon naitorojin ya tsaya tsakanin N50,000 da N60,000, sama da ninki talatin na farashinsa a yuriya, kuma hektar masarar da ke neman kilo 120 ba za ta ƙoshi da giram 100 ba ko da ganye ya sha shi duka. Inda feshin ganye ke da amfani na gaske shi ne sinadaran da shuka ke buƙata ɗan mitsitsi, irin su zink, wanda ƙarancinsa ke fitar da faffaɗan layi fari-fari a ganyen ƙaramar masara ko ya tsumburar da shinkafa bayan dashe. A nan giram kaɗan ne ake nema, kuma fesawa yana kai shi da sauri. Kwalbar da ba ta rubuta kason kowane sinadari ba, sai hotunan tumatir da alkawura, ba ta ba mai saye abin da zai yi lissafi da shi ba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin barinta.

Buhun da ya yi araha fiye da kima

Duk lissafin da ya gabata ya dogara ne a kan cewa abin da aka rubuta shi ne ke ciki. Idan kowa yana sayar da 20-10-10 a kan N44,000, wani ya ce nasa N30,000, to ya kamata a tambayi inda sauƙin ya fito, tunda kuɗin yuriya, DAP da fotash da ake haɗa shi ba a ɓoye suke ba. In rabin sinadarin ne kawai a ciki, kilo 10 maimakon 20, kilon ya tsaya N3,000, ya fi duk kamfar da ke teburin tsada. Nijeriya tana da dokar kula da ingancin taki ta 2019, wadda ta wajabta rajista ga masu haɗawa da masu sayarwa kuma ta hana algus da rage nauyi, amma manomin da ke tsaye a kasuwar ƙauye idonsa da hannunsa ne kariyarsa ta farko.

Abu na farko shi ne sikeli. Buhun da ya auna kilo 45 maimakon 50 ya ƙara wa kowane kilo kusan kashi 11 cikin ɗari, wanda ya isa ya shafe duk rangwamen da aka yi. Na biyu shi ne ɗinkin bakin buhu da ledar ciki: ɗinki biyu, ramukan tsohon ɗinki, ko zare da ya bambanta da na sauran buhuna alama ce an buɗe. Na uku, a nemi sunan kamfani, adireshi da lambar rukunin da aka haɗa. Yuriya tana da gwaji mai sauƙi, domin idan aka zuba cokali biyu a rabin kofin ruwa aka motsa, takan narke tas ta kuma sanyaya kofin, duk abin da ya kwanta a ƙasa baƙo ne. Wannan gwaji ba ya aiki kai tsaye a kamfar gauraye, saboda cikon farar ƙasa ba ya narkewa, kuma mutane da yawa sun zargi taki mai kyau a kan haka. Abin dubawa a nan shi ne yawan abin da ya rage da kuma kamarsa: idan ya kai rabin abin da aka zuba, ko yana ƙaras-ƙaras kamar yashin rafi idan an murza shi tsakanin yatsu, akwai magana. Mai saye a mudu ya fi kowa shiga haɗari, domin babu rubutu, babu ɗinki, kuma buhun ya daɗe a buɗe yana shan iska. Gara mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi rufaffen buhu su raba da kansu.

Wanne ya dace da wa

Mai noman masara, dawa ko shinkafa da ke da kuɗin cikakken taki ya yi lissafin kashi biyu cikin uku da kashi ɗaya cikin biyar kafin ya zaɓi kamfa. Idan 20-10-10 ya faɗi ƙasa da abin da lissafin ya bayar, ya saye shi, amma ya ƙara yawan buhuna a zubin farko kuma ya rage yuriya daidai gwargwado. Idan ya haura, 15-15-15 da yuriya sun fi masa sauƙi duk da tsadar buhun.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke noman gero ko dawa a jigawa ya nemi DAP idan ana samunsa a kusa, ya zuba ɗan kaɗan a kowane rami ba tare da ya taɓa iri ba, sannan ya bi da yuriya kaɗan a binne idan ruwa ya zauna. Inda babu DAP, 15-15-15 ya fi 20-10-10 dacewa da wannan dabara saboda fosfaras ɗinsa ya fi yawa a awo ɗaya. Mai gyaɗa, wake ko waken soya ya tsaya a supa, ko DAP kaɗan idan dako ya yi masa nisa. Mai lambun rani na tumatir, albasa ko barkono shi ne wanda kamfa mai ƙwaya ɗaya ta fi yi wa amfani, kuma shi ne wanda feshin ganye zai iya biya wa kuɗinsa, muddin ya ga alamar ƙarancin wani sinadari takamaimai kuma kwalbar ta rubuta kasonsa. Wanda gonarsa ke samun takin shanu ko na kaji duk shekara yana iya rage kamfa ya karkatar da kuɗin zuwa yuriya, domin takin dabbobi yana mayar wa ƙasa fotash da wani kaso na fosfaras, amma naitorojin ɗinsa yana fitowa a hankali, ba ya isar masara a lokacin da take tsananin girma. Mai niyyar saye da rani ya ajiye kafin farashi ya tashi ya fara da supa, DAP ko kamfa mai ƙwaya ɗaya, ya ɗora su a kan katako nesa da bango, ya bar yuriya da gauraye zuwa lokacin da zubawa ta kusa sai idan yana da ɗakin da ba ya danshi kuma ledar cikin buhunan ba ta huje ba.